Yusuf da Joseph: suna ɗaya ne ko biyu?

 

Mu ɗaliban babban aji muka rubuta wannan bayani, kuma wata rigima ce ta jawo shi. A filin ƙwallo nan Aboabo, wani ƙanenmu ya yi faɗa da wani yaro Batone da suke aji ɗaya a sukul. Cikin fushi ya ce masa sunansa Joseph sunan banza ne, sunan arna. Abin dariya, abin kuma tsoro, shi wannan ƙane namu takwaran Annabi Yusuf ne. Da labari ya kai kunnen Malam bai ɗauki bulala ba. Ya kira shi ya ce: "Yaro, ka san sunan wa ka zaga? Naka ne, kuma na Annabi ne." Daga nan ya ba mu aiki mu bincika yadda sunayen suke haɗuwa, mu rubuta wa 'yan'uwa.

Asalin sunan daga Ibrananci yake, harshen Bani Isra'ila, inda ake cewa Yosef. Ma'anarsa "ya ƙara", kamar addu'ar Allah Ya ƙaro wani. Daga nan sunan ya bi hanya biyu. Hanya ta farko ta shiga Larabci. Larabcin Alƙur'ani wasali uku gare shi, fataha da kasra da damma, babu o babu e. Don haka Yosef ya koma Yusuf. Mu Hausawa ba mu cika son kalma ta ƙare da baƙi ba, sai muka ce Yusufu, wasu suka gajarta Isufu. Shi ne ake rubutawa Yussif ko Issifu a takardun Gana.

Hanya ta biyu ta fi tsawo. An fassara littattafan Yahudawa zuwa harshen Girka, daga baya zuwa Latin, kuma a duka biyun harafin I ne a farkon sunan, ana furta shi kusan kamar y. Har a Baibul na Turanci da aka buga a 1611 zamanin Sarki James, Ioseph aka rubuta. Daga baya ne aka raba harafin J da I, bakin Faransawa da Ingilishi kuma ya riga ya mayar da sautin zuwa j. Ita kuwa ph ta ƙarshe ba komai ba ce face f. Ku cire wasulan ku gani: Yusuf ya bar y, s, f. Joseph ya bar j, s, f. Harafi ɗaya kawai ya canza riga.

Ga wani abin da bai kamata ya wuce mu ba, mu da muke zaune cikin Tonawa. Idan maƙwabciyarku mai zuwa coci ta buɗe Baibul ɗinta na Tonanci, ba Joseph za ta gani ba, Yosef za ta gani. Wani Bajamushe ɗan mishan na Basel, Johann Gottlieb Christaller, shi ya jagoranci wannan fassara tare da 'yan ƙasa, aka buga ta cikakkiya a 1871, kuma ba su bi furucin Ingilishi ba. Shi ya sa a can za ka ji Yakob, Yona, Mose, Dawid, Salomo. Wato bakin Batone ya fi na Bature kusa da namu. A Najeriya abin ya ma fi haka. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, sunayen da muka sani ya ɗauka: Ibrahim, Musa, Dauda, Yakubu, Yusufu, Nuhu, Ayuba. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975, Kirista ne.

Wanda ya gane wannan y da ta koma j ya samu mabuɗin sunaye da dama: Yakubu shi ne Jacob, Yunusa shi ne Jonah, Ayuba kuma Job. Mabuɗi na biyu shi ne haruffan maƙogwaro, waɗanda Malam yake wahala da mu a kansu wajen tajwidi. Girkawa ba su da su, sai suka zubar ko suka raunana su. Haruna ya zama Aaron, Ishaƙa ya zama Isaac, Isma'ila ya zama Ishmael babu aini. Sauran kamar Ibrahim da Abraham, Dauda da David, Sulaimana da Solomon, Luɗu da Lot, kunne ma ya isa.

Amma kamar sauti ba ta isa hujja. Abin da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ake nufi shi ne nasaba da ƙissa. Mu gwada da Yusuf ɗin. A wurinmu ƙissarsa tana Suratu Yusuf, sura ta 12, mai ayoyi 111. A wurinsu tana littafin Farawa, daga babi na 37 zuwa na 50. A duka biyun ɗan Yakubu ne. Ya yi mafarkin taurari goma sha ɗaya da rana da wata suna yi masa sujada. 'Yan'uwansa sun jefa shi rijiya, sun kai wa uban riga da jini. An sayar da shi a Masar, matar ubangidansa ta neme shi ya ƙi, aka ɗaure shi. Ya fassara mafarkin mutum biyu a kurkuku, sannan na sarki, shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu. Har dabarar ɓoye ƙoƙon sarki ko nasa a kayan ƙanensa tana nan. Da irin wannan jeri babu sauran shakka.

Duk da haka kada wani ya ɗauka ƙissar iri ɗaya ce sak. A Alƙur'ani 'yan'uwan sun ce kerkeci ya cinye shi, Annabi Yakubu kuma bai yarda da su ba, ya zaɓi kyakkyawan haƙuri. A Farawa uban ya gaskata cewa naman daji ya kashe ɗansa. A Alƙur'ani wani mai shaida daga dangin matar ya ce a duba riga, aka same ta a yage ta baya, gaskiyar Yusuf ta fito tun kafin kurkuku. Wannan shaida babu ita a can. Su suna kiran ubangidan Fotifar, mu Aziz muka sani. Sarkin ma Fir'auna suke ce masa, alhali Suratu Yusuf sarki kawai ta kira shi. Bambanci mafi girma shi ne matsayi: mu Annabi ne a wurinmu, yawancin Kiristoci kuwa suna ƙidaya shi cikin kakannin Isra'ila nagari, kamar yadda suka fi sanin Dauda da Sulaimana da sarauta.

Akwai kuma tarko a nan, kuma mu kanmu mun faɗa ciki. Mun koma wurin yaron nan da murnarmu muka ce masa ai shi takwaran Annabi Yusuf ne. Sai ya ce a'a, shi ɗan Katolika ne, sunan Joseph kafinta aka sa masa, mijin Maryamu. Ashe Baibul yana da Joseph fiye da ɗaya. Wannan na biyun ya zo ɗaruruwan shekaru bayan na farko, kuma Alƙur'ani bai ambace shi ba ko sau ɗaya. Saboda haka sunan ɗaya ne, amma kafin ka ce mutumin ɗaya ne, tambayi wane Joseph ake nufi. Haka Zakariyya. Namu shi ne mahaifin Yahaya, wanda labarinsa yake farkon Linjilar Luka. Akwai wani Zechariah dabam mai littafi a Tsohon Alkawari, ba shi ba ne.

Yahaya shi ne misalin sunan da mabuɗan nan ba sa buɗewa. John ya fito daga Yohanan, Tonawa suna cewa Yohane, kuma in ka cire wasula ba zai ba ka Yahaya daidai ba. Ƙissa ce ta haɗa su: tsoho Zakariyya, matarsa ba ta haihuwa, aka yi masa bushara da ɗa, aka riƙe harshensa. A Suratu Maryam dare uku ne, a Luka har zuwa haihuwar yaron. To wannan shi ne John mai yin baftisma. John almajirin Yesu wani mutum ne dabam.

Isa da Jesus ma haka. Jesus ya biyo ta Girka daga Yeshuwa, Kiristocin Larabawa suna cewa Yasu'u, Tonawa da Kiristocin Hausa suna cewa Yesu. Ɗan Maryamu ake nufi a duka, Almasihu, wanda aka haifa ba uba. A nan ne aƙida ta rabu sosai. Su suna cewa ɗan Allah ne, an gicciye shi ya tashi. Mu muna cewa bawan Allah ne kuma ManzonSa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah Ya ɗauke shi. Faɗin wannan bambanci a fili ba laifi ba ne. Laifin shi ne yaro ya ji ana waƙar Yesu a cocin bayan gidansu ko ya ga sunan a jikin mota, ya saki baki da izgili, yana zaton wani ne can. Ƙarshen Suratul Baƙara da muke karantawa da dare ya koya mana ba ma rarrabewa tsakanin manzanni, kuma malamai sun yi tsanani ƙwarai a kan wulaƙanta kowane Annabi.

Cikin annabawa 25 da aka saba ƙidayawa a Alƙur'ani, ba kowa ke da takwara tabbatacce a Baibul ba. Hudu da Salihu babu labarinsu a can. Masu tafsiri da yawa sun ce Idrisa shi ne Enoch, wasu sun danganta Shu'aibu da Jethro surukin Musa, wasu Zulkiflu da Ezekiel, amma duk wannan ra'ayi ne, ba nassi ba. In za ka faɗa, ka ce "an ce". Su ma suna da waɗanda Alƙur'ani bai kira sunansu ba, irin Isaiah da Jeremiah da Daniel. Malam ya tuna mana hadisin da Buhari ya ruwaito, wanda ya hana mu gaskata labaran Ma'abota Littafi ko ƙaryata su a inda ba mu da hujja.

Sai abu ɗaya ga iyayenmu da yayyenmu masu kai yara rajista. Ko da asalin suna ɗaya ne, a ofis ba ɗaya ba ne. In takardar haihuwa ta ce Yussif, ta jarrabawa ta ce Issifu, katin ƙasa kuma ya ce Joseph don wani ya ga ya fi sauƙin rubutu, sai an yi rantsuwa da kashe sidi kafin a yarda mutum ɗaya ne. A zaɓi rubutu ɗaya tun ranar suna, a tsaya a kai.

Shi kuwa ƙanen namu, Malam ya sa ya je har gida ya ba da haƙuri. Mahaifiyar yaron ta ɗauko Baibul ɗinta na Tonanci ta nuna masa Yosef a rubuce, shi kuma ya karanta mata farkon Suratu Yusuf da ka, har ayar mafarkin taurari.