Kundi Ɗaya, Fayil Takwas: Yadda Ake Raba Babban PDF Babi-Babi

Ɗalibin da ya kammala rubuta kundin digirinsa kan ƙare da fayil guda mai shafi ɗari biyu da wani abu, alhali malamin da ke duba aikin babi na uku kawai ya ce a turo masa. Haka abin yake ga mai shagon buga takardu da aka kawo wa littafi aka ce ya fitar da babi biyu, da ma'aikacin ofis da rahotonsa ya wuce megabait 25 da Gmail ke yarda a maƙala wa saƙo. Duk buƙatarsu ɗaya ce: a datsa babban fayil ɗin PDF a daidai gaɓoɓinsa. Ana iya yi da hannu, mutum ya bi shafi-shafi yana rubuta lambobi a takarda. Amma idan fayil ɗin yana da alamomin shafi, waɗanda manhajoji ke nunawa da sunan Bookmarks, kwamfuta za ta gama aikin kafin shayi ya huce.

Alamomin nan su ne jerin kanun da ke fitowa a gefen allo idan aka buɗe littafi a manhajar karanta PDF, waɗanda da zarar an danna ɗaya sai a tsinci kai a shafin da yake nufi. Kada a rikita su da shafin abubuwan da ke ciki, wanda rubutu ne kawai a jikin littafin. Alamomin ajiye suke a wani sashe na daban a cikin fayil ɗin, kuma tsarin PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 kafin ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 32000 a 2008, ya tanadi yadda ake rubuta su. Kowace alama tana ɗauke da suna, da wurin da take nunawa, da matsayinta a cikin jerin: babi a sama, sassan babi a ƙarƙashinsa, ƙananan sassa a ƙarƙashin waɗannan.

Abin da ba ta ɗauke da shi shi ne ya fi komai muhimmanci. Alama tana faɗin inda babi ya fara, ba ta faɗin inda ya ƙare. Babu wani wuri a cikin fayil ɗin da aka rubuta cewa babi na biyu ya tsaya a shafi kaza. Manhajar da ke rabawa lissafi take yi: ta dubi shafin da babi na gaba ya fara, ta rage ɗaya, ta ce nan ne ƙarshen wanda ya gabace shi. Kusan duk matsalar da ake ci karo da ita a wannan aiki daga wannan lissafin take tasowa.

A ɗauki misalin wani kundi mai shafi 212, mai babi biyar kamar yadda aka saba a jami'o'in Najeriya, da manazarta da rataye a ƙarshe. Kafin a yanka komai, sai a fara leƙa alamomin. Wata manhaja ta kyauta mai suna pdftk, wadda ake ba umarni ta hanyar rubutu, tana zazzage su da layi ɗaya:

```
pdftk kundi.pdf dump_data_utf8
```

A cikin abin da za ta fitar, kowace alama tana zuwa da irin wannan fasali:

```
BookmarkBegin
BookmarkTitle: Babi Na Uku: Hanyoyin Bincike
BookmarkLevel: 1
BookmarkPageNumber: 88
```

A ce jerin ya nuna babi na ɗaya ya fara a shafi na 15, na biyu a 33, na uku a 88, na huɗu a 104, na biyar a 171, manazarta a 186, rataye kuma a 199. Daga nan lissafin ya fito fili. Babi na ɗaya zai kama daga 15 zuwa 32, na biyu daga 33 zuwa 87, na uku daga 88 zuwa 103, haka har zuwa rataye da zai kwashe daga 199 zuwa 212. Shafuka 14 na farko, inda sadaukarwa da godiya da tsakure suke, su ma za su zama fayil nasu. Jimilla fayil takwas ke nan.

Mai lura zai ga wani abu nan take. A jikin kundin, babi na uku ba a shafi na 88 yake ba, lambar da aka buga a ƙasan shafin 74 ce. Dalili shi ne shafukan farko da lambobin Romawa aka ƙirga su, daga i zuwa xiv, sannan aka faro ƙirge daga 1 a babi na ɗaya. Ita kuwa manhaja daga bangon farko take ƙirgawa, don haka ko'ina akwai ratar 14 tsakanin lambar da ido ke gani da wadda kwamfuta ta sani. Wanda ya kwafi lambobi daga shafin abubuwan da ke ciki ya yi yanka da su zai sami kowane fayil ya fara da wutsiyar babin baya. Alamomi sun fi aminci a nan, domin shafin kansa suke nunawa, ba lambar da aka buga a jikinsa ba.

Yankan kansa shi ne mafi sauƙi. Mai Adobe Acrobat Pro, wanda na kuɗi ne, zai shiga Organize Pages ya zaɓi Split, sannan ya zaɓi Top level bookmarks. Manhajar PDFsam Basic kyauta ce, tana aiki a kan kwamfuta ba tare da intanet ba, kuma tana da sashe mai suna Split by bookmarks inda ake zaɓen matakin da za a yanka. Masu son rubuta umarni kuwa suna da cpdf:

```
cpdf -split-bookmarks 0 kundi.pdf -o babi%%.pdf
```

Wannan zai fitar da fayiloli masu lamba a jere. A lura da sifirin da ke cikin umarnin: cpdf daga 0 take ƙirga matakan alamomi, pdftk kuma daga 1, saboda haka abin da ɗaya ta kira mataki na 1 shi ne ɗayar ke kira 0. Idan aka sa 1 a umarnin cpdf, za ta yanka a kan babi da kuma kowane sashen babi, sai mutum ya wayi gari da fayiloli arba'in ko hamsin maimakon takwas. Akasin haka ma yana faruwa da littattafan da aka kasa kashi-kashi, inda matakin sama ke ɗauke da Kashi Na Ɗaya da Kashi Na Biyu, babobin kuma suna mataki na ƙasa. Zaɓin Acrobat na matakin sama kaɗai zai ba da manyan fayiloli biyu ne, ba babobi ba, don haka irin wannan littafin ya fi dacewa da manhajar da ke barin mutum ya zaɓi mataki.

Matsalar da ta fi wuyar ganewa ita ce ta babin da ya fara a tsakiyar shafi. A kundin misalin, a ce babi na huɗu bai fara a sabon shafi ba, kanunsa yana rabin shafi na 104, sakin layin ƙarshe na babi na uku kuma yana samansa. Manhaja ba ta raba shafi biyu. Za ta bai wa babi na huɗu shafin gaba ɗaya, ta tsayar da babi na uku a 103. Ba za ta nuna wata alamar kuskure ba, fayil ɗin zai buɗe lafiya lau, amma malamin da aka tura wa zai karanta har ƙarshe ya tarar magana ta yanke a tsakiyar jimla. Maganin shi ne a sake ciro wannan babin da hannu, a haɗa da shafin da ake takaddama a kansa:

```
pdftk kundi.pdf cat 88-104 output babi3.pdf
```

Yanzu shafi na 104 zai kasance a fayil biyu, kuma hakan ne daidai. Kundayen digiri ba su cika samun wannan matsalar ba tunda kowane babi a sabon shafi yake farawa, amma rahotannin ofis da littattafan dokoki da mujallun ilimi cike suke da ita.

Sai batun sunaye. Duka manhajojin ukun suna iya raɗa wa kowane fayil sunan alamarsa, abin da ke da daɗi har sai an tuna cewa Windows ba ta yarda da wasu alamomin rubutu a sunan fayil, ciki har da ruwa biyu da alamar tambaya. Kanu irin su “Babi Na Uku: Hanyoyin Bincike” dole a cire masa ruwa biyun ko a musanya shi da wani abu. Ga masu rubutun Hausa akwai ƙarin tarko a haruffa masu lanƙwasa. Idan aka yi amfani da `dump_data` maimakon `dump_data_utf8`, harafin ƙ zai fito a matsayin `ƙ`, kuma haka zai shiga sunan fayil idan aka kwafa. Yana da kyau kuma a sa lamba a gaban kowane suna, 01, 02, 03, domin kwamfuta bisa haruffa take jera fayiloli, kuma a wannan jerin Babi Na Biyar yana gaba da Babi Na Biyu, dukansu kuma suna gaba da Babi Na Uku.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne nauyi. Idan aka tara girman fayilolin takwas, sau da yawa yakan zarce na uwar fayil ɗin. A cikin PDF guda, salon haruffa da tambarin da ke maimaituwa a kowane shafi sau ɗaya ake ajiye su, shafuka duka su riƙa ɗiba daga wuri ɗaya. Da an raba, kowane fayil sai ya tafi da nasa kwafin. Littafin da aka yi wa sikanin kuwa ba ya kumbura sosai, tunda kowane shafi dama hotonsa daban ne.

Akwai kuma abubuwan da ba sa tsira daga yankan. Mahaɗin da ke babi na biyu mai kai mai karatu zuwa wani jadawali a babi na huɗu zai mutu, domin shafin da yake nema ba ya cikin fayil ɗin. Sa hannu na dijital ba ya bin gutsuren takarda, saboda fayil ɗin gaba ɗayansa ya shaida. Shi kuwa fayil mai kalmar sirri sai an buɗe shi da kalmar kafin a taɓa shi.

To idan babu alamomin fa? Littattafan da aka yi wa sikanin galibi ba su da su, sai an zauna an sa da hannu. Amma wanda kundinsa ke cikin Microsoft Word yana da mafita mai sauƙi: ya sa wa kanun babobi salon Heading 1, sannan lokacin adana fayil a matsayin PDF ya shiga Options ya zaɓi Create bookmarks using Headings. Kanun da aka ƙara wa girma da kauri da hannu kawai ba sa zama alama, komai kyawunsu a ido.

Bayan an gama, a tara adadin shafukan fayilolin. A kundin misalin, 14 da 18 da 55 da 16 da 67 da 15 da 13 da 14 sun ba da 212 cif, ko 213 idan an maimaita shafi na 104. Idan jimillar ta gaza, akwai shafin da ya ɓace. Sai dai daidaituwar jimilla ba ta kama babin da aka yanke wa ƙarshe, don haka sai an buɗe kowane fayil an karanta layinsa na farko da na ƙarshe kafin a tura wa kowa.