Amsar da ta yi kama da gaskiya: yadda ake tsara tambayar zaɓi a dokar laifuka

Ɗauki wannan labari ka kai majalisar unguwarku. Wani tela ya ci bashin naira dubu tamanin a wurin wani mai kanti, ya ba shi babur ɗinsa jingina. Lokacin biya bai yi ba, bai kuma biya ba. Ranar Juma'a, mai kanti ya tafi masallaci, sai tela ya zo da makullinsa na biyu, ya tayar da babur a ƙofar kantin, ya yi gaba, da niyyar kada ya dawo da shi. A ƙarƙashin Final Kod, wane laifi ya aikata?

A. Babu laifi, domin babur ɗin nasa ne
B. Sata
C. Cin amana
D. Zamba

Kafin ka rufe baki za ka ji an ce, "Mutum ya saci kayansa? Ina aka taɓa yi!" To amsar ita ce B. Wannan gardamar da ta tashi kuwa ita ce shaidar cewa tambayar ta yi aikinta. Malamin da ke shirya wa ɗaliban shari'a tambayoyin gwaji, ko a jami'a ko domin jarrabawar Makarantar Horar da Lauyoyi irin ta Bagauda, ba ya shan wahala wajen rubuta amsar daidai, tana cikin littafi. Aikin yana ga sauran ukun.

Mu duba dalili. Final Kod, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a Arewa a 1960, ta bayyana sata a sashe na 286. Sashen bai yi maganar mallaka ba. Abin da ya duba shi ne a hannun wa kayan suke: mutum ya motsa kayan da ake iya ɗauka, da nufin fitar da su daga hannun wani ba da yardarsa ba, kuma da niyyar cin riba ko jawo hasara ba bisa haƙƙi ba. Babur na tela ne, amma riƙon yana wurin mai kanti bisa yarjejeniya, ɗauke shi kuma ya raba mai kanti da abin da ya dogara da shi don karɓar kuɗinsa. Zaɓi na A ke nan ya fito daga kuskuren da ya fi yawa, wato ɗaukar mallaka da riƙo a matsayin abu ɗaya. Ɗalibin da ya zaɓe shi ba wawa ba ne, hankalin yau da kullum ya bi, kuma malami ya san daidai inda zai gyara masa.

Zaɓi na C ya fi wayo. A bakin Bahaushe, abin da tela ya yi cin amana ne ƙarara, ya karya alkawari. Amma cin amana a sashe na 311 yana buƙatar a damƙa wa mutum dukiya tukuna, sannan ya karkatar da ita. A labarin nan wa aka damƙa wa babur? Mai kanti. Da shi ne ya sayar da babur ɗin a ɓoye kafin wa'adi ya cika, da sai a yi maganar wannan sashe. Saboda haka C yana gwada ko ɗalibi ya raba ma'anar kalma a kasuwa da ma'anarta a kotu. D kuma yana jiran wanda ke jefa duk rikicin kuɗi cikin buhun zamba, alhali zamba a sashe na 320 sai an yaudari mutum har ya miƙa abu ko ya yarda da wani abu saboda yaudarar. Tela bai gaya wa kowa ƙarya ba.

Ga ni, ma'aunin ke nan: duk zaɓin kuskure, mai tambaya ya iya faɗin a jumla ɗaya irin tunanin da zai kai ɗalibi gare shi. In ya kasa, ciko ne kawai. Da an sa "kisan kai" a gurbin D, babu wanda zai taɓa shi, tambaya mai zaɓi huɗu ta koma mai uku, mai canki-canka ya samu sauƙi. Hanya mafi inganci ta samo irin waɗannan kurakurai ita ce a fara ba aji labarin babu zaɓi, kowa ya rubuta amsarsa da dalilinsa, sannan a tsinci kurakurai ukun da suka fi maimaituwa.

Labari ɗaya yana iya haifar da tambaya ta biyu in an sauya abu guda. A ce tela ya tura babur taku uku, yaron kanti ya riƙe shi. Yanzu zaɓin da zai ja mutane shi ne "yunƙurin sata", domin ana ganin sai ɓarawo ya tsira da kaya sata ta cika. Amma sashen ya tsaya ne a kan motsa kayan da waccan niyya, don haka taku ukun nan sun wadatar.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ƙawata labari. Da na rubuta cewa tela ya haura katangar gidan mai kanti da tsakar dare, da na shigo da laifin kutsawa gida, ɗalibi mai ƙoƙari kuma ya tsaya yana neman amsar da ba ta cikin jerin. Shi ya sa aka ajiye babur a ƙofar kanti da rana. Haka nan dole a ambaci dokar da ake nufi. Jihohin Kudu suna aiki da Kiriminal Kod, wadda ta bayyana sata da wasu kalmomi daban, jihohin Arewa da dama suna da dokokin laifuka na Shari'ar Musulunci tun daga 2000, Kaduna kuma ta yi sabuwar Final Kod a 2017. Tambayar da ba ta faɗi doka ba tana iya samun amsa biyu, wanda ya fi karatu kuma shi zai fi ruɗewa. Wannan zalunci ne ga ɗalibi.

Akwai kuma tonon asiri ta hanyar harshe. Mai tambaya yakan tsawaita amsar daidai da sharuɗɗa, ya bar sauran gajeru, ɗalibai kuwa sun daɗe da gane wannan. Kalmomi irin su "ko da yaushe" da "sam" su ma suna fallasa zaɓin kuskure, tunda doka cike take da togaciya. Mai rubutu da Hausa yana da nasa tarkon: in ka ƙare tambaya da "abin da ya aikata ita ce", ka riga ka nuna kalma mace, ka kori "cin amana" ba tare da ɗalibi ya san komai ba.

Bayan gwaji, a ƙirga. Masana auna jarrabawa sukan ware kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa, su kwatanta zaɓinsu, sukan kuma ɗauki zaɓin da ƙasa da kashi 5 cikin ɗari suka taɓa a matsayin wanda bai yi aiki ba. A ajin mutum ɗari, misali, in biyu kacal suka zaɓi D, a sauya shi. In na ƙasa ne suka taru a kan A, tambayar lafiya take. Amma in ka ga na sama sun fi karkata ga C, kada ka yi saurin zarginsu. Koma ka sake karanta labarin, mai yiwuwa wata kalma ta nuna kamar mai kanti ne ya ba tela ajiyar babur ɗin da hannunsa.