Rubutu ɗaya ya koma ɗari uku: yadda B-tree da LSM-tree suke ajiye bayanai

A shekarar 2017 kamfanin Facebook ya kammala wani aiki da masu shiga shafinsa ba su ga alamarsa ba. Ya kwashe babban rumbun bayanan masu amfani da shi, inda rubuce-rubucensu da sharhinsu suke, daga injin ajiya mai suna InnoDB ya mayar kan wani da injiniyoyinsa suka gina, MyRocks. Bayanan ba su canza ba, haka ma tambayoyin da ake yi wa rumbun. Amma wurin da suke ci a faifai ya ragu da kusan rabi. InnoDB an gina shi a kan tsarin B-tree, MyRocks kuwa a kan LSM-tree, kuma bambancin waɗannan biyun shi ne asalin labarin.

Injin ajiya shi ne ɓangaren rumbun bayanai da ke yanke shawarar inda kowane layi zai zauna a faifai da yadda za a nemo shi. Kowa na ɗauke da irinsa a aljihu. Saƙonnin WhatsApp a wayar Android suna cikin SQLite ne, wanda B-tree ne. Manhajar Chrome ta daɗe tana ajiye bayanan wasu shafuka a LevelDB, wanda LSM-tree ne.

B-tree shi ne dattijo. Rudolf Bayer da Edward McCreight suka fito da shi a 1970, suna aiki a ɗakin binciken kamfanin Boeing. Ya yi kama da littafin bashi na mai shago mai tsari: kowane abokin ciniki yana da gurbinsa, sunaye jere bisa haruffa, ga jadawali a gaba da ke nuna shafin kowa. In wani ya biya rabin bashinsa, sai a buɗe shafinsa, a goge tsohon adadi, a rubuta sabo a daidai wurin. A InnoDB kowane shafi kilobayit 16 ne, a PostgreSQL 8, a SQLite 4.

Daɗin wannan tsari yana wajen nema. A ɗauki rumbu mai layi biliyan ɗaya, kowane layi bayit 100. Shafi ɗaya zai ɗauki layi kusan 150, wato ana bukatar shafuka wajen miliyan bakwai. Shafukan jadawali ba su ɗauke da komai sai mabuɗi da nuni, don haka kowanne yana iya nuna shafi kusan dubu. Hawa uku na jadawali sun isa, na huɗu shi ne shafin da layin yake. Kuma da yake jadawalin ƙarami ne, yawanci yana zaune a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ya zama cikin layi biliyan ɗaya, sau ɗaya kawai za a taɓa faifai a samo wanda ake so.

Matsalar tana wajen rubutu. Injin ba ya rubuta layi guda a faifai, shafi guda yake rubutawa. In aka canza bayit 100, shafin kilobayit 16 gaba ɗayansa, wato bayit 16,384, shi zai sauka a faifai, ninki 164 ke nan na abin da aka canza. Ba a nan ya tsaya ba. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta shafi, za a bar shi rabi sabo rabi tsoho, don haka InnoDB yana fara rubuta shafin a wani wuri na musamman kafin ya rubuta shi a gurbinsa. Ninkin ya haura 320, ba a ma lissafa da kundin gaggawa da ake fara rubuta kowane canji a ciki ba. Wannan shi ne ninkuwar rubutu: a raba abin da ya sauka a faifai da abin da manhaja ta nemi a rubuta.

Wannan lissafi na mafi munin hali ne, kuma adalci ne a faɗi haka. Injin yakan riƙe shafi a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, in canji ashirin suka faɗa shafi ɗaya kafin a sauke shi, ninkin ya ragu sau ashirin. Rumbun da ake ƙara wa layi a jere, kamar rasit mai lamba bi da bi, yana samun wannan sauƙin sosai. Wanda ke shan wahala shi ne babban rumbu da canje-canje ke faɗa masa ta ko'ina, nan ɗaya can ɗaya, kamar yayyafi. Na Facebook irin wannan ne.

Me ya sa ake damuwa? Domin faifan SSD yana da ƙayyadadden adadin gogewa da sake rubutu da zai jure kafin ya mutu. Duk rubutun da ya ninku, kwanan faifan ne ke raguwa, kuma mai kwamfutoci dubbai da kuɗinsa yake sayen sabo.

LSM-tree ya zo a 1996, a wata takarda ta Patrick O'Neil da abokan aikinsa uku. Google ya fito da martabar dabarar ta hanyar Bigtable a 2006, sannan Jeff Dean da Sanjay Ghemawat suka saki LevelDB a 2011. Daga LevelDB Facebook ya tsago RocksDB, a kansa kuma MyRocks ya zauna.

Wannan mai shagon ba ya buɗe shafin kowa. Duk abin da ya faru sai ya rubuta a takardar da ke gabansa. In ta cika, ya jera abin da ke ciki bisa haruffa, ya ɗaure, ya ajiye, ba ya sake taɓa shi. A RocksDB takardar wani wuri ne a ƙwaƙwalwa, mai girman megabayit 64 in ba a canza ba. In ya cika sai a sauke shi a faifai a matsayin fayil guda, a jere, tashi ɗaya. Gyara ma sabon rubutu ne, tsohon yana nan a wani fayil. Ko gogewa, ba a goge komai nan take, alama ake rubutawa cewa wannan layin ya mutu.

Da a haka za a bar abin, fayiloli za su yi ta taruwa har nema ya gagara. Saboda haka akwai aikin tankaɗe da ke gudana a bayan fage, wanda rahoton injin ke kira `compaction`. Ana ɗauko fayiloli, a haɗe su, a zubar da tsofaffin kwafi da matattun layi, a rubuta sabon fayil mai tsabta. Fayilolin suna zama hawa-hawa, kowane hawa ya ninka na samansa sau goma: na farko megabayit 256, na biyu gigabayit biyu da rabi, na uku 25, na huɗu 256. Rumbun nan mai layi biliyan ɗaya, gigabayit 100, zai kai hawa na huɗu.

To a nan ma rubutu yana ninkuwa, ta wata hanya daban. Duk fayil da zai sauka hawa na gaba sai an haɗe shi da kusan fayil goma da ya tarar a can, a sake rubuta su duka. Sauka uku, kowace da ninki kusan goma, talatin ke nan, a ƙara kundin gaggawa da saukar farko. Lissafin yana tsayawa a talatin da 'yan kai. Talatin ba kaɗan ba ne, amma ina shi ina 320. Ga kuma ribar wuri: shafin B-tree yakan tsage biyu in ya cika, ya bar gurabe fanko, har a ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na shafuka iska ce, alhali fayil ɗin LSM cike yake maƙil kuma yana matsuwa da kyau. Daga nan mafi yawan rabin nan na Facebook ya fito.

Kuɗin wannan sauƙi a wajen karatu ake biyansa. Layin da ake nema yana iya kasancewa a ƙwaƙwalwa, ko a sababbin fayilolin da ba a tankaɗe ba, ko a kowane hawa. Dole a bi daga sabo zuwa tsoho. Abin da ke ceton lamarin shi ne matatar Bloom, dabarar da Burton Bloom ya kawo a 1970. Kowane fayil yana da ɗan taƙaitaccen rariya a ƙwaƙwalwa, wanda in an tambaye shi yakan ce "babu" ko "wataƙila akwai". In ya ce babu, babu ɗin ne. In an ware bit goma ga kowane mabuɗi, sau ɗaya cikin ɗari ne yake cewa wataƙila alhali babu. Da wannan, neman layi guda yakan dawo kusan taɓa faifai sau ɗaya, sai dai ya fi cin ƙwaƙwalwa da ƙarfin na'ura.

Inda rariyar ba ta da amfani sosai shi ne neman jeri, misali duk cinikin da aka yi daga Litinin zuwa Alhamis. B-tree zai gano shafin farko ya yi ta bi. LSM sai ya buɗe kowane hawa, ya haɗa sakamakon, yana tsallake tsofaffin kwafi da gawarwakin layin da aka goge. Rumbun da ake yawan gogewa a cikinsa, kamar jerin ayyukan da ake cirewa da an gama, yana iya tsallake alamun mutuwa dubbai kafin ya iske layi ɗaya mai rai. Karatu daga ƙarshe zuwa farko ya fi wuya ma, kuma shi Facebook ya fi bukata, tunda sabon rubutu ake fara nuna wa mutum. Injiniyoyinsa sai da suka juya tsarin jerin mabuɗan, ta yadda karatun baya zai zama na gaba a faifai.

Akwai kuma cutar da duk mai kula da LSM ya sani. In rubutu yana shigowa fiye da yadda tankaɗe ke iya kwashewa, sababbin fayiloli sai su taru. A RocksDB, in sun kai 20 injin zai fara jan ƙafa da gangan, in sun kai 36 ya tsayar da karɓar rubutu cak har sai an rage. Mai amfani da manhaja zai ga komai na tafiya lafiya, sai kwatsam ta sandare na 'yan daƙiƙoƙi. Alamar tana cikin rahoton `rocksdb.stats`: yawan fayiloli a hawan `L0`, da layin `W-Amp` da ke nuna ninkuwar rubutu a kowane hawa. Ana iya sassauta tankaɗen, kamar yadda Cassandra ke yi a tsarinta na asali, inda take jira fayiloli masu girma ɗaya su taru kafin ta haɗe su. Rubutu ya ragu, amma fayilolin da za a duba sun ƙaru, wurin da ake ci ma haka.

Bai kamata nasarar Facebook ta ruɗi kowa ba. Shi wurin faifai ne ya ƙure masa, yana kuma da rarar ƙarfin na'ura da zai biya tsadar karatu, ga injiniyoyin da suka yi shekaru suna gyaran injin. Rumbun asibiti ko na makaranta, wanda karatu ya fi yawa a cikinsa kuma mafi yawansa yana shiga ƙwaƙwalwa, B-tree ya fi dacewa da shi. LSM na wanda rubutu ke kwararo wa ba tsayawa ne, bayanansa sun fi ƙwaƙwalwarsa girma nesa ba kusa ba, faifansa kuma yana cika ko yana ƙonewa kafin lokacinsa.