Takardar Ajiye Aiki ta Injiniya: Wa'adi, Godiya da Miƙa Aiki

Takardar ajiye aiki ita ce wasiƙar da ma'aikaci yake sanar da kamfaninsa a rubuce cewa zai bar aiki a rana kaza. Idan injiniya ne zai tafi cikin mutunci, shafi ɗaya ya isa, muddin ya ƙunshi abu uku: ranar tafiya, godiya, da alkawarin miƙa aikin da ke hannunsa.

Ranar tafiya ce jigon wasiƙar, kuma wa'adin sanarwa ne yake tsayar da ita. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ɗora wa'adin kan daɗewar mutum a aiki, daga kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, zuwa wata guda ga wanda ya shekara biyar ko fiye. Sai dai dokar ta cire masu aikin ƙwarewa da na fasaha daga cikin ma'aikatan da take nufi. Saboda haka injiniya takardarsa ta kama aiki zai duba, domin a can aka rubuta wa'adin da ya hau kansa, ko wata ɗaya ne ko uku. Wanda ke gaggawa yakan biya albashin wa'adin a madadin zama, idan yarjejeniyar ta ba da dama. Ana rubuta ranar ƙarshe da lamba, ba a cewa "ƙarshen wata mai zuwa", domin daga ita ake lissafa albashi da ragowar hutu.

Godiya kuwa jimla biyu ta wadatar, kuma ta fi armashi idan ta ambaci wani abu takamaimai, kamar horon da kamfani ya tura shi ko aikin farko da aka damƙa masa. Ba dole ba ne ya faɗi inda zai koma. Ƙorafi kan albashi ko kan wani shugaba ba shi da gurbi a nan, tunda wasiƙar fayil za ta shiga, kuma ita za a ciro ranar da wani ya nemi shaida a kansa.

Sashen miƙa aiki ne ya bambanta wasiƙar injiniya da ta sauran ma'aikata, domin aikinsa ba ya ƙarewa ranar da ya tafi. A ɗauki misalin injiniyan da ke kula da ginin bene a Kano. Ya miƙa wasiƙa ranar 1 ga Maris, wa'adinsa wata guda, zai tafi ranar 31 ga Maris. Ranar 10 ga watan aka zuba kankaren bene na farko, aka ɗebi samfuri don gwajin ƙarfi. Ana yin gwajin ne bayan kwana 7 da kuma bayan kwana 28, wato sakamako na biyu zai fito ranar 7 ga Afrilu, mako guda bayan tafiyarsa. Idan bai rubuta wannan ba, magajinsa na iya ci gaba da ɗora gini ba tare da ya san ana jiran sakamako ba.

A cikin wasiƙar jimla ɗaya za ta ɗauki wannan nauyi, misali: "Zan kammala bayanin miƙa aiki kafin 24 ga Maris, kuma zan zagaya wurin ginin tare da wanda zai gaje ni." Cikakken bayanin yana zuwa a takarda ta daban. A ciki ake nuna zanen da aka yi wa gyara na ƙarshe, da sauye-sauyen da aka amince da su da baki ba a kai ga rubutawa ba, da yawan rodi da siminti da ke sito, da kuɗin da 'yan kwangila ke bi. Alamar miƙa aiki mai rauni ita ce magaji ya riƙa kiran waya yana tambayar wane zane ake bi, ko ɗan kwangila ya zo da ikirarin da babu takardarsa.

Miƙa aiki yana da iyaka. Zane da lissafin da injiniya ya yi a bakin aiki galibi mallakar kamfani ne, don haka ba a tafiya da su. Hatimin da ke ɗauke da lambar rajistarsa ta hukumar COREN kuwa nasa ne shi kaɗai, ba ya barin sa a ofis don a ci gaba da buga wa zane, domin alhakin duk abin da aka buga wa yana wuyansa. Haka nan bai kamata ya yi alkawarin taimako marar iyaka bayan tafiya ba. Ya ƙayyade, misali amsa tambayoyi na mako biyu.

Ya fi kyau ya fara sanar da shugabansa baki da baki kafin wasiƙar ta isa. Sannan ya miƙa kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya a mayar masa, domin shi ne shaidar ranar da wa'adi ya fara aiki.