Yadda ake tara kuɗin makaranta da lissafin ƙarin baɗi

SULEJA – Magidanci a unguwar Wambai da ke ware kuɗin makarantar ɗansa kowane wata yana iya samun giɓi a watan Satumba, matuƙar ya gina lissafinsa a kan farashin bana. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, makarantu masu zaman kansu da dama suna ƙara kuɗi a farkon shekarar karatu, domin biyan albashin malamai, haya da sufuri.

Hanyar hasashen ƙarin ita ce duba rasit ɗin shekarun baya. A misali, idan kuɗin zango ya tashi daga naira 40,000 zuwa 50,000, sannan ya kai 60,000, an yi ƙarin kashi 25 cikin ɗari, sai kuma kashi 20. Ya fi aminci a ɗauki mafi girma.

Da wannan lissafi, zangon baɗi zai kama naira 75,000, zango uku kuma 225,000. Idan aka raba gida 12, za a riƙa ajiye 18,750 duk wata. Wanda ya tsaya a farashin bana zai ajiye 15,000 ne, ya tarar da giɓin 45,000 a ƙarshe.

Da zarar makaranta ta fitar da takardar sabon kuɗi, sai a cire abin da aka tara, a raba ragowar a kan watannin da suka rage. Littattafai da kayan makaranta kuwa lissafinsu daban ne.