Saiwa Ɗaya, Rassa Da Dama: Yadda Aikatau Ke Rikiɗa A Hausa

A unguwar Kabong ta birnin Jos, Hausa ce harshen ciniki tsakanin ƙabilu daban-daban. Ɗalibin da ya tashi a nan yana jin Hausa sarai, amma idan aka ce ya bayyana dangantakar "saya" da "sayar" a takardar jarrabawa, sai alƙalami ya tsaya. Wannan ita ce maganar giredin aikatau, wadda wani Bature malamin Jami'ar London, F. W. Parsons, ya tsara a shekara ta 1960, ya kasa aikatau gida bakwai bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti.

Alal misali, a ɗauki saiwar "say-", a aiki yaro kasuwa neman dankalin Turawa. Idan an ce "ya sayi dankali", giredi na 2 ke nan, ciniki kawai aka yi. "Ya saya wa uwarsa" giredi na 1 ne, wato aikin ya faɗa kan wata. "Ya saye dankalin", giredi na 4, ma'ana bai bar ko ƙwaya ba. "Ya sayar da shi", giredi na 5, dankali ya fita daga hannunsa. "Ya sayo", giredi na 6, ya dawo da shi gida. "Dankali ya sayu", giredi na 7, ciniki ya kankama. In kuwa tsada ta yi yawa, sai a ce "ba ya sayuwa".

Mai lura zai ga an tsallake giredi na 3. Dalili shi ne ba kowace saiwa ce ke da rassa bakwai ba. Wannan giredi na irin su "fita" da "shiga" ne, waɗanda ba sa ɗaukar karɓau, saboda haka kada ɗalibi ya ƙago wa "say-" abin da Bahaushe bai faɗa ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne giredi na 2, domin yana sauya wasali gwargwadon abin da ya biyo shi: "ya saya" in babu karɓau, "ya sayi dankali" gaban suna, "ya saye shi" gaban wakilin suna. Wanda ya rubuta "ya saya dankali" ya yi asarar maki.

To, amma "ya saye shi" a rubuce fuska biyu gare shi, tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti. In murya ta fara ƙasa ta hau, giredi na 2 ne. In ta fara sama ta sauko, na 4 ne. Dabarar ganewa ita ce a cire "shi" a sa "dankali". In "sayi" ta fito, an sayi ɗan abin da ake bukata. In "saye" ta zauna daram, to, mai dankali ya naɗe buhu ya tafi gida.