Idan Agogon Kyamara Ya Yi Ƙarya: Gyara Kwanan Watan Hotuna a Lokaci Guda

A daminar 2024 na yi makonni ina ɗaukar hotunan gonakin gero tsakanin Dutse, Kiyawa da Jahun, don in gwada su da alƙaluman ruwan sama na kowace rana. Da na zauna aiki sai na ga hoton da na ɗauka da hantsi yana nuna ƙarfe tara na dare. Hoton da kwanan watansa ba daidai ba kuwa, ba ya zama hujja a bincike.

Kowane hoto yana ɗauke da bayanai a cikinsa, waɗanda ake kira EXIF. Kyamara tana kwafe lokaci daga agogonta ta rubuta a wurin, ko daidai ne ko kuskure. Abin da ya cece ni shi ne, agogon bai tsaya ba, baya kawai yake. Wato tazarar kuskuren ɗaya ce a dukkan hotunan.

Aikin farko shi ne gano wannan tazara, kuma nan ne ake buƙatar natsuwa. Ka nemi hoto guda da ka tabbatar da lokacinsa. Ni na dace, domin na ɗauki wata gona a Kiyawa da kyamara da kuma waya a minti ɗaya. Waya ta ce 17 ga Agusta, 9:40 na safe. Kyamara ta ce 5 ga Agusta, 9:10 na dare. Daga 5 zuwa 16 ga wata kwana 11 ne, daga 9:10 na dare zuwa 9:40 na safe kuma awa 12 da minti 30.

Sai na ɗauko ExifTool, manhajar kyauta da Phil Harvey ya fitar a 2003:

```
exiftool "-AllDates+=0:0:11 12:30:0" hotuna
```

Jerin shi ne shekara, wata, kwana, sannan awa, minti, daƙiƙa. `hotuna` sunan foldar ne. In agogonka gaba yake, sai ka sa `-=` maimakon `+=`. Manhajar tana ajiye tsohon kowane hoto da `_original` a ƙarshen sunansa; kada ka goge su sai ka duba. Kuma kada ka maimaita umarnin, don zai sake ƙara kwana 11 ɗin.

To amma fa akwai tarko. Idan batir ya mutu a tsakiyar aiki har agogo ya sake komawa farko, tazarar ta zama biyu. Yadda za ka gane: jera hotunan bisa lambobinsu, ka duba inda lamba ke gaba amma kwanan wata ya yi tsalle baya. Nan za ka raba su folda biyu, kowace da lissafinta.

Hotunan da aka turo maka ta WhatsApp a matsayin hoto kuwa, an riga an share musu EXIF, babu abin gyarawa. Ka ce a sake turo su a matsayin `Document`.